Gado Nawa Ne a Cike? Hira Kan Rahoton Wata na Ɗakin Yara

Nafisa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Sakkwato. Yau ina tare da Hajiya Asabe, wadda ta daɗe tana shugabantar nas-nas a ɗakin kwantar da yara, da kuma Malam Bello, ma'aikacin ofishin kati. Hajiya, Malam, sannunku da zuwa.

Hajiya Asabe: Yawwa 'yata, sannu da aiki.

Malam Bello: Mun gode, Malama Nafisa.

Nafisa: Malam, a ce yau an miƙo maka aiki, an ce ka tsara takardar da za ta nuna yawan waɗanda aka kwantar, da waɗanda aka sallama, da kwana nawa majinyaci yake yi a gado. Daga ina za ka fara?

Malam Bello: Daga ƙarfe 12 na dare zan fara. Kafin in taɓa kwamfuta, sai na tabbatar akwai wanda yake zagaya ɗakin kowane dare a wannan lokaci yana ƙirga waɗanda suke kwance. Duk lissafin da za mu yi a kan wannan ƙirgar yake zaune.

Nafisa: Me ya sa sai tsakar dare?

Hajiya Asabe: Bari in amsa miki, don ni na sha yin ta. Da rana ɗaki kamar kasuwa yake. An rubuta wa wannan sallama amma uwarsa tana jiran mai gida ya zo da kuɗin mota, wancan an kai shi hoto, ga wani a hannun uwarsa yana jiran a gyara gado. Da dare kowa ya natsu. Ina riƙe da tocila da littafi, in bi gado ɗaya bayan ɗaya, in duba fuskar yaro in duba katinsa. Lambar da na samu ita nake rubutawa, ko da ta saɓa da ta kan allo.

Malam Bello: To, shi ya sa shafin farko na rahoton nake yin sa layi ɗaya ga kowace rana. Ana fara layin da waɗanda suka kwana jiya, a ƙara sabbin da aka kwantar da waɗanda aka maido daga wani ɗaki, sannan a cire duk wanda ya fita. Abin da ya rage dole ya yi daidai da ƙirgar Hajiya. In bai yi ba, akwai yaron da aka manta ba a rubuta shigarsa ko fitarsa ba, kuma da safen nan ake nemo shi, tun nas ɗin da ta kwana ba ta tafi gida ba. In aka bari sai ƙarshen wata, babu mai tunawa.

Nafisa: Ka ce "duk wanda ya fita". Ba sallama ke nan ba?

Malam Bello: Nan ne yawancin rahotanni suke zamewa. Ƙofar fita huɗu ce, kuma kowace sai an ba ta gurbinta. Akwai wanda likita ya sallama, akwai wanda aka tura wani ɗaki ko wani asibiti, akwai wanda iyayensa suka ɗauke shi ba da izinin likita ba, sannan akwai wanda Allah ya yi wa rasuwa. Dukansu sun bar gado.

Hajiya Asabe: Na ukun nan shi ya fi ɓacewa. Lokacin girbi ne, uba ya zo daga ƙauye ya ce aiki na jira, yaro ya ɗan samu sauƙi, kafin asuba sun tafi. Babu takardar sallama, don haka babu wanda ya cire shi daga littafi. Na taɓa tarar da yaro yana "kwance" a takarda kwana 9 bayan ya koma gida. Abin ya dame ni ƙwarai, don a takarda gadon a cike yake, alhali ga wata uwa zaune a kan tabarma da ɗanta yana zazzaɓi.

Nafisa: Subhanallah. To Malam, ka ba mu misali da lambobi, a hankali, don wasu suna sauraro a mota.

Malam Bello: Misali ne na ƙirƙira don bayani. A ce ɗakin yara mai gado 30, watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi cika mana ɗakuna. Satumba kwana 30 ne. Gado 30 sau kwana 30, kwanan gado 900 ke nan da ɗakin zai iya bayarwa. Sai mu tara ƙirgar dare ta dukkan darare 30, a ce ta ba mu 810. Raba 810 da 900, ka samu kashi 90 cikin 100. Wannan shi ne cikar gado.

Nafisa: Wato saura kashi 10 babu kowa.

Hajiya Asabe: A takarda. Tambaye shi gado nawa ne suke aiki.

Malam Bello: Hajiya ta riga ni. A ce uku daga cikin gadajen nan ba su da katifa, ko ƙafa ta karye, tun farkon wata an jingine su a baranda. Gadon da ake iya kwantar da yaro 27 ne. 27 sau 30 nawa ke nan? 810. Ashe ɗakin cike yake maƙil, kashi 100 cikin 100, amma rahoton da ya hau teburin shugaban asibiti ya ce 90. Shi kuma zai duba ya ce ai kuna da sauran wuri. Don haka a layin kowace rana nake sa gurbi biyu: gadon da aka ware wa ɗakin, da gadon da yake aiki a ranar. Da na biyun ake lissafi.

Nafisa: In kuma yara biyu suka haɗa gado ɗaya fa? Muna ganin haka da damina.

Malam Bello: A ƙirga su biyu, gado kuma ya tsaya ɗaya. Lissafi zai wuce 100, ya ba da 105 ko 110, kuma a bar shi haka. Wasu sukan ji tsoro su rage, wai kada a ce sun yi kuskure. Ba kuskure ba ne. Wannan lambar ce hujjar da za a nemi ƙarin gado da ƙarin nas da ita. Masu tsara asibitoci sukan ɗauki wajen kashi 85 a matsayin iyakar da ɗaki ke da sararin karɓar na gaggawa, to ki ga wanda ya haura 100.

Nafisa: Mu koma kan kwanakin da majinyaci yake yi.

Malam Bello: Mu ci gaba da ɗakin namu. Watan ya fara da yara 24 a kwance. An kwantar da 190, an maido 4 daga wani ɗaki. Waɗanda suka fita: likita ya sallami 165, an tura 6 gaba, iyaye sun ɗauke 8, 9 sun rasu.

Hajiya Asabe: Allah ya sa masu ceto ne.

Malam Bello: Amin. Jimillar fita 188. In kin haɗa 24 da 190 da 4 kika cire 188, saura 30, kuma dole daren ƙarshe na wata Hajiya ta ƙirga 30. Yara 30 a gado 27, kin ga an haɗa wasu ke nan. Yanzu raba kwana 810 da 188, ya ba ki kwana 4.3 ga kowane yaro. Wanda ya raba da 165 kawai, don ya ɗauka sallamar likita ce kaɗai fita, zai samu 4.9. Ya ƙara wa kowane yaro fiye da rabin kwana, sai a fara zargin likitoci da riƙe marasa lafiya.

Nafisa: Shi ke nan an gama?

Malam Bello: Wannan hanyar gaggawa ce. Hanyar da ta fi inganci ita ce a bi kowane yaro da ya fita a watan, a cire ranar shigarsa daga ranar fitarsa, a tara, a raba da yawansu. Shi ya sa rahoton yake buƙatar shafi na biyu, layi ɗaya ga kowane majinyaci: lambar kati, ranar shiga, ranar fita, da ƙofar da ya fita. Ƙa'idar ita ce a ƙirga ranar shiga, kada a ƙirga ranar fita. Wanda ya shiga ran 3 ya fita ran 7, kwana 4 ya yi. Wanda kuwa ya shiga da safe ya fita da yamma, ana ba shi kwana 1, kuma a ƙara shi a lissafin ranar, tunda ƙirgar dare ba ta same shi ba. A Excel, in ranar shiga tana B2, ta fita tana C2, abin da nake rubutawa shi ne:

```
=MAX(1,C2-B2)
```

Nafisa: Hanyoyin biyu suna ba da amsa ɗaya?

Malam Bello: Suna kusa, amma ba kullum ba. A ce akwai yaron da ya ƙone da wuta, an kwantar da shi tun 1 ga Agusta, aka sallame shi 15 ga Satumba. Kwana 45. A hanya ta biyu dukkan 45 ɗin nan Satumba za su faɗa, har da 31 na Agusta. A ɗaki mai fita 188 ba zai motsa lissafin sosai ba, bai kai kashi ɗaya bisa biyar na kwana ba. Amma a ƙaramin ɗaki da ya sallami mutum 20 a wata, kwana 31 ɗin nan kaɗai sun ƙara kwana ɗaya da rabi a kan matsakaicin. Don haka a rubuta a ƙasan rahoton wace hanya aka bi, kuma kada a canja ta daga wata zuwa wata.

Hajiya Asabe: Ni kuma abin da nake roƙo kullum shi ne a ware mini sunayen waɗanda suka wuce mako biyu, a gefe. Matsakaici ba ya gaya mini wanda zan je in duba. In na ga sunan, na san ko ciwo ne ya riƙe shi, ko jini ake jira, ko kuwa an sallame shi ne iyayen ba su da abin biya.

Nafisa: Hajiya, in kwanakin suka ragu, ba alheri ba ne?

Hajiya Asabe: Sai an duba ƙofar fita, 'yata. In aka sauka daga kwana 5 zuwa 3, amma rasuwa ta ƙaru, ko iyaye suna ta ɗauke yara, ko waɗanda aka sallama suna dawowa cikin mako, to ba sauƙi aka samu ba. Yaron da aka kawo a makare ya cika cikin kwana ɗaya, shi ma yana rage matsakaicin. Shi ya sa nake so lambar kwanaki da lambar rasuwa su zauna kusa da juna a shafi ɗaya, ido ya gan su tare.

Malam Bello: Kuma ƙaramin gargaɗi ga mai haɗa rahoton asibiti gaba ɗaya kafin a shigar da na wata a DHIS2, manhajar da ake tattara bayanan lafiya a cikinta: yaron da aka ɗauke daga ɗakin gaggawa zuwa ɗakin yara, fita ce ga ɗaki ɗaya, shiga ce ga ɗaya, amma ga asibiti mutum ɗaya ne aka kwantar sau ɗaya. In aka tara ɗakuna kai tsaye, an ƙirga shi sau biyu. Hanyar ganewa ita ce jimillar waɗanda aka tura tsakanin ɗakuna ta yi daidai da jimillar waɗanda aka karɓa.

Nafisa: Malam, wani mai sauraro daga Wurno yana tambaya, su da ba su da kwamfuta fa?

Malam Bello: Littafi mai faɗi da rula sun isa. Ya ja gurabe 10: kwanan wata, gadon da ke aiki, na jiya, sabbi, na wani ɗaki, ƙofofin fita huɗu, da ƙirgar dare. Nas ɗin dare ta sa hannu a gefen layin, ta safe ta duba kafin ta karɓi ɗaki.

Nafisa: To madalla. Lokaci ya cim mana. Hajiya, Malam, Allah ya saka da alheri. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.