Saba Tana Tashi da Kanta Cikin Dare: Ina Za Ka Fara Dubawa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma daga nan Kaduna. Ka zo da safe ka tarar saba, wato babbar kwamfutar ofis, ta mutu ta tashi da kanta cikin dare, kowa ya ce ai wuta aka ɗauke. Kada ka yi saurin yarda. Na taɓa sa wani ofishi a Kakuri suka sayi sababbin batura, matsalar kuma tana nan, har yau abin na damuna.

To, ga ni a kan Linux. Mu duba ƙarshen log na tashin da ya gabata:

```
journalctl -b -1 -e
```

Au, ku sa `sudo` a gaba, na manta. Ku dubi layukan ƙarshe. Da wani ne ya kashe ta da gangan, da kun ga ana tsayar da ayyuka ɗaya bayan ɗaya. Nan kuwa rubutu ya yanke ƙaf da ƙarfe 02:07. Wato ba ta samu damar yin sallama ba. Ko wuta ce, ko maigadi.

Maigadin nan shi ne `watchdog`. Agogo ne a jikin allon saba mai ƙirga baya, a ce daƙiƙa 60. Akwai wata 'yar manhaja da ke taɓa shi a kai a kai, ya koma farko. In ya kai sifili ba a taɓa shi ba, sai ya ɗauka injin ya sanƙare, ya tayar da shi da ƙarfi. Wannan ba zai fito a log ba, amma allon yana da nasa kundin:

```
sudo ipmitool sel elist
sudo ipmitool sel time get
```

Ga wurin da ya taɓa wahalar da ni, ku natsu. Za ka nemi 02:07 a kundin ka rasa, ka ce babu komai. Wannan umarni na biyu agogon allon yake nuna maka, kuma a sabar nan yana kan `UTC`, wato lokacin duniya, mu kuwa a Najeriya mun riga shi da awa 1. Don haka 01:07 za ka nema, ko 01:08, tunda sai ƙirgar ta ƙare. Ga shi kuwa: `Watchdog2`, `Hard reset`. Da wuta ce, `AC lost` za mu gani.

Me ke faruwa ƙarfe 2? Na buɗe `crontab`, jadawalin ayyukan saba, ashe lokacin ake kwafe bayanai a adana. Aikin yana cinye ram, injin ya yi nauyi, manhajar ta makara wajen taɓa agogon. A `/etc/watchdog.conf` kuma an rufe da alamar `#` layin `realtime = yes`, wanda ke riƙe ta a cikin ram.

Wasu kashe maigadin suke yi, ni ba na so, don ranar da ta sanƙare da gaske kai za ka hau mashin tsakar dare. Mu buɗe layin, mu sake kunna manhajar, gobe da safe mu dawo kan kundin. Masu son darasi ido da ido, ajinmu na Asabar yana nan.