Takardar tayar da janareta da sabon yaron shago

Hadiza: Masu sauraro, assalamu alaikum. Yau hirarmu a kan rubuta tsarin aiki ce, irin wanda sabon ma'aikaci zai bi ba sai ya yi tambaya ba. Malam Bala, ka ce ka rubuta wa yaron shagonka yadda ake tayar da janareta, amma sai da ya kira ka a waya?

Malam Bala: Har sau uku, Hadiza. Kuma laifin takardar ne. Na rubuta "duba bakin mai, ka tayar, ka jira kaɗan, ka juya wuta." Ni da na saba, wannan ya ishe ni. Shi kuwa bai ma san inda ma'aunin bakin man yake ba.

Auwal: Ai "kaɗan" ɗin nan ne matsalar, Malam. Kaɗan ɗinka daban, nasa daban.

Malam Bala: Shi ya sa na sake ta, na tsaya gaban injin ina yi ina rubutawa. Kowane layi aiki ɗaya. Na farko, a fitar da janareta waje, nesa da taga, saboda hayaƙinsa yana kisa a rufaffen ɗaki. Na biyu, a zaro ma'aunin bakin mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. In man bai kai tsakanin alamomi biyun ba, a tsaya nan, a kira ni.

Hadiza: To ga kira ya dawo kuma.

Malam Bala: Wannan kiran ni na sa shi da gangan. Dole takarda ta faɗi inda ikon yaro ya ƙare. In ba ta faɗa ba, sai ya yi kintace.

Auwal: Sauran fa?

Malam Bala: A tabbata makunnin canja wuta yana kan OFF, a buɗe fetur, a rufe cok, wato abin da ke rage iskar da ke shiga injin, a ja igiya. Da ya tashi a buɗe cok, a bar shi minti 3 ba a haɗa shi da kayan wuta ba, sannan a juya makunnin zuwa GEN. Gargaɗin kada a zuba fetur injin yana aiki ko yana da zafi kuwa, sama na kai shi. A da yana ƙasan takarda, inda sai an gama ake gani.

Hadiza: Ta yaya ka san ta yi?

Malam Bala: Na ba ƙanen matata, wanda bai taɓa taɓa injin ba, na harɗe hannu na yi shiru. Sai ya tsaya a cok yana dube-dube, bai san ta ina ake rufewa ba. Na ɗauki hoton wurin, na zana kibiya, na manna a gefen layin. Yanzu takardar tana cikin leda, a rataye jikin bango kusa da makunnin, da kwanan watan da na gyara ta a sama.

Auwal: Malam, ta kashewa fa?

Malam Bala: Tana bayan takardar. Layin farko: a mayar da makunni OFF kafin a kashe injin.