Amsoshin Tambayoyinku: Gane Shekarun Tsohon Kayan Katako

Tambaya ta farko, daga wani mai sauraro a Zariya: "Na sayi tsohuwar durowa mai aljihu huɗu a wajen masu kayan gwanjo na ƙasashen waje. Mai sayarwa ya rantse ta haura shekara 200. A bayanta akwai zane-zane masu lanƙwasa, kusurwar aljihun kuma haɗe take da wasu rabin da'irori masu ɗigo a tsakiya. Ƙusoshinta masu kusurwa huɗu ne, sai guda uku zagayayyu. Gaskiya ya faɗa mini?"

Mai gabatarwa: Baba, ga wuƙa ga nama.

Kafinta: To Malama, shekara 200 dai ba ta kai ba, amma kuma ba a cuci mai saye da sabon abu ba. Kuma ya yi dabara da ya leƙa bayanta. Fuskar durowa an kankare, an goge, an shafa mai, wataƙila sau uku ko huɗu a rayuwarta, don haka ba ta faɗin komai. Inda ake dubawa shi ne inda mai ƙirar bai damu ya gyara ba: allunan baya, ƙarƙashin aljihu, da cikin gangar jikin bayan an zare aljihunan gaba ɗaya. A kashe fitilar ɗaki, a kwantar da tocila a jikin katakon yadda hasken zai bi shi a kaikaice, sai sawun zarto ya fito fili.

Zarton hannu, irin dogon nan da mutum biyu ke ja, ɗaya a kan gungume ɗaya a cikin rami, yana barin layuka miƙaƙƙu amma ba a jere daidai ba. Wani ya ɗan karkata, wani ya matso, wani ya yi nisa, domin hannu yana gajiya, masu yankan kuma suna gyara tsayuwa. Injin da ruwa ke juyawa, mai ɗaga zarto sama da ƙasa, shi ma layukansa miƙaƙƙu ne, sai dai tazararsu ɗaya ce daga farkon allo har ƙarshe. Lanƙwasar da mai tambaya ya gani kuwa ba abin da ke yin ta sai zarto mai faifai, wanda ke juyawa. An yi wa irin wannan zarto rajista a Ingila tun 1777, amma bai zama ruwan dare wajen yanka allunan kayan ɗaki ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 19. Wannan kaɗai ya isa ya sa a ɗiga ayar tambaya a kan shekara 200.

Mai gabatarwa: Ashe ke nan in mutum ya ga miƙaƙƙen layi sai ya yi murna, ya samu tsoho.

Kafinta: A'a, nan ne mutane ke faɗawa rami. Akwai zarto mai ɗamara, wanda ya bazu daga shekarun 1870, kuma har gobe shi ne a manyan injinan yanka katako. Sawunsa miƙaƙƙe ne shi ma, sai dai siriri ne, a matse, a jere tsaf. Ka'idar da nake so masu sauraro su riƙe ita ce: kowace alama tana gaya maka lokacin da abu ba zai riga shi ba, ba ta gaya maka ranar da aka yi shi. Sawun faifai yana cewa "ba a yi ni kafin a samu faifai ba." Sawun zarton hannu ba ya cewa komai mai ƙarfi, domin ko bara wani zai iya yanka allo da hannu.

Sai mu zo kan haɗin aljihun, wanda shi ne ya kashe maganar. Haɗin da aka saba gani a kusurwar aljihu shi ne na haƙora masu shiga juna, kowane haƙori da faɗi a baki kamar wutsiyar kurciya. In da hannu aka yi, haƙoran kaɗan ne, sau da yawa uku zuwa biyar, kuma in ka sa rula za ka ga ba biyu da suka yi daidai. Za ka ga siririn layin da kafinta ya ja don ya san inda zai tsaya, wani lokaci har da wurin da zarto ya ɗan zarce layin. Abin da ke tsakanin haƙoran yakan yi siriri ƙwarai, har ya kusa tsinkewa a baki, abin da injin farko ba ya iya yi. In na inji ne, haƙoran suna da yawa, girmansu ɗaya da abin da ke tsakaninsu, ba layin awo.

Amma abin da mai tambaya ya kwatanta, rabin da'ira da ɗigo a tsakiya, wani haɗi ne daban. Wani Ba'amurke mai suna Charles Knapp ne ya yi wa injinsa rajista a 1867, masana'antun Amurka suka yi amfani da shi daga wajen 1870, kuma zuwa wajen 1900 an bar shi saboda an samu injin da ke yanka haƙora. Ɗigon nan ba turaku ne da aka cusa ba, daga jikin allon gaba aka fiƙe su. Samun irin wannan alama sa'a ce, domin tana da farko tana da ƙarshe. Ƙusoshi masu kusurwa huɗu sun dace da wannan zamani, sawun faifai ma haka. Don haka durowarka ƙirar masana'antar Amurka ce ko Kanada, tsakanin 1870 da 1900, wato ta haura shekara 120, amma ba ta kai 200 ba.

Mai gabatarwa: Zagayayyun ƙusoshin nan uku fa?

Kafinta: Ya dubi gefensu. In akwai tsohon rami mai kusurwa huɗu kusa da kowace, da baƙin tabon tsatsa a bakinsa, to gyara ne, tsohuwar ƙusa ta fita aka buga sabuwa. In kuwa ba wani rami, kuma allon da suke riƙe launinsa ɗaya da sauran, to daga masana'anta suka zo, sai mu tura shekarun zuwa wajen 1890, lokacin da ƙusar waya, wato zagayayyar, ta fara korar mai kusurwa.

Mai gabatarwa: Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah a Maraɗi. Ta ce: "Na kwance sukuru ɗaya daga hinjin wani tsohon teburin rubutu, sai na ga ba shi da tsini, kamar an datse shi. Karyewa ya yi, in sa sabo?"

Kafinta: Hajiya, kada ki yar da shi, ki mai da shi raminsa. Mai yiwuwa haka aka ƙera shi. Kafin 1846 galibi sukuru ba ya da tsini, sai kafinta ya fara huda rami sannan ya ɗaura. A shekarar ce Thomas Sloan ya yi rajistar hanyar yin mai tsini a Amurka, kamfanin Nettlefold na Birmingham ya sayi izinin a 1854, cikin 'yan shekaru mai tsini ya mamaye kasuwa.

Ga yadda za ki bambance. Wanda ya karye bakinsa kaca-kaca ne. Wanda aka datse da zarto don ya yi tsawo, bakin yana da sawun zarto, kuma jikinsa yana sirancewa zuwa ƙasa kamar sukurun yau. Na asali kuwa kaurinsa kusan ɗaya ne daga sama har ƙasa, bakin a daidaice, ya yi duhu kamar sauran jikin. Sai ki dubi kan. In tsagar da sukundireba ke shiga ta kauce daga tsakiya, kuma siririya ce, da zarton hannu aka tsaga ta. In zaren jikin ma tazararsa ba ɗaya ba ce, akwai sawun magagari, to kin ƙara komawa baya, zuwa ƙarni na 18. Mai kan gicciye kuwa, na Phillips, bai shigo ba sai tsakiyar shekarun 1930.

Sukuru ɗaya dai ba shaida ba ne, domin ba abin da ya fi shi saurin sauyawa, kuma masu jabu suna tara tsofaffi. Ki ɗaga hinjin ki duba ƙarƙashinsa. In ramukan da ke katakon sun yi daidai da na hinjin, ba ƙari, kuma katakon wurin ya fi na kewaye haske daidai girman hinjin, to tun farko suna tare. Wajen kwancewa ki sa sukundireba da ya cika tsagar, ki danna sosai, ki ɗan ɗaure kaɗan kafin ki kwance. Tsohon ƙarfe yana da taushi, in bakin ya zame sau ɗaya kan ya lalace. Kada a zuba mai, yana ɓata katako ya bar tabo.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga Kano: "Akwatin katako ne na kakarmu, an ce da shi aka kawo ta gidan miji. Ƙusoshinsa na maƙera ne, allunan kuma yankan hannu. Wani ya ce in haka ne ya girmi 1800."

Kafinta: Wanda ya faɗa ya karanta lissafin Turai ne ya ɗora wa kayan gida. A can, ƙusar maƙeri, mai sirancewa ta duk ɓangarori huɗu da kai mai sawun guduma, ta fara ja da baya wajen 1800, aka koma wadda inji ke datsa daga faranti, mai sirancewa ta ɓangare biyu kawai. A nan kuwa maƙeranmu sun ci gaba da ƙera ƙusa da maratayin kwaɗo har cikin ƙarni na 20, masu yanka maɗaci da loko da dogon zarto ma haka. Don haka waɗannan alamomi biyu ba sa ba da shekara a akwatin da aka yi a ƙasar Hausa.

Abin da za a nema shi ne mafi sabunta a cikin kayan da aka haɗa shi da su tun asali. In akwai ƙusar waya ko hinjin kanti ko kwaɗo ɗan Ingila da ba a taɓa sauyawa ba, zai fi yiwuwa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano ne a 1911, lokacin da kayan kanti suka yawaita. In gindin akwatin falawud ne, wato siraran allunan da aka manne da gam, kuma ba alamar an taɓa sauya shi, to ka kawo shi wajen 1950 zuwa sama, bayan an fara yin falawud a Sapele. A kwance takardar da aka liƙa a cikin murfi da hankali in akwai, domin sau da yawa jarida ce, kuma jarida tana da kwanan wata, ko da yake ita ma ana iya liƙa ta daga baya. Sannan a tambayi dattawan gida shekarar auren, a wane sarki aka yi, a gwada da abin da katakon ya nuna.

Mai gabatarwa: Mun gode, Baba. Masu aiko da tambaya, a haɗo da hoton bayan kayan da na kusurwar aljihu, ba na fuska kaɗai ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.