Sharhi: Maƙoƙo da Gishiri Mai Aidin

Masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tayirod. Aikinta shi ne haɗa sinadarin da ke daidaita zafin jiki da bugun zuciya da girman yara da bunƙasar ƙwaƙwalwa. Ba ta iya haɗa shi sai da aidin, wani ma'adini da ake samu a ƙasa da ruwan teku, kuma jiki ba ya ƙera aidin da kansa, sai abin da ya shigo ta abinci.

To idan aidin ya yi ƙaranci fa? Sinadarin nan zai ragu a cikin jini. Wani sashe da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda ke sa ido a kan haka, sai ya riƙa aika wa tayirod saƙo cewa ta ƙara himma. Tana son yi, amma babu kayan aiki. Saƙon kuwa ba ya tsayawa, don haka ƙwayoyinta sai su ƙara girma, su ƙara yawa, domin su kama duk ɗan aidin da ya gifta a cikin jini. Wata da watanni, shekara da shekaru, kumburin ya fito fili. Wannan shi ne maƙoƙo. Da farko sai an taɓa ake jin sa. Idan mutum ya haɗiyi yawu, za a ga kumburin ya yi sama ya dawo. In ya yi nisa yakan danne hanyar numfashi ko ta abinci.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da ido ba ya gani. Mace mai ciki da ba ta samun isasshen aidin, ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta ce ke cutuwa, kuma wannan ba ya gyaruwa bayan haihuwa. Inda aka ga maƙoƙo a wuyan manya da yawa, a duba yara.

Cutar takan kama gari guda, ga kuma dalili. A yankunan tsaunuka da wuraren da ambaliya ta daɗe tana wanke ƙasa, aidin ya zurare tuntuni, amfanin gona da dabbobin wurin duk ba su da shi sosai. Mutum sai ya ci ya ƙoshi, alhali jikinsa na cikin rashi.

Abin da ake buƙata kuwa bai taka kara ya karya ba. Baligi na buƙatar maikrogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa 250, maikrogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Matsalar ita ce yadda zai isa ga kowa a kullum. Gishiri ne ya warware ta, domin mai kuɗi da talaka duk suna cin sa, kusan daidai gwargwado, rani da damina. Switzerland ta fara zuba aidin a gishiri a 1922, Amurka ta biyo baya a 1924, maƙoƙo kuma ya ja baya ƙwarai a wurinsu.

Bari mu yi lissafi. Ana zuba miligiram 20 zuwa 40 na aidin a kowane kilo na gishiri a masana'anta. A ce an zuba 30. Kowane giram ɗaya ke nan yana ɗauke da maikrogiram 30. Wanda ya ci giram 5 a rana, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata, ya kamata ya samu 150. Amma akan yi ƙiyasin kashi 20 cikin 100 na ɓacewa kafin gishirin ya iso gida, wani kashi 20 kuma a wajen dahuwa. Saura kusan 96 ke nan, ragowar abinci ya cike gurbin. Kada wani ya ce zai ƙara cin gishiri, hawan jini na jiransa. Gyaran yana wurin masana'anta da ajiya.

Danshi da zafi da hasken rana suna cinye aidin. Gishirin da aka baza a buɗe, ko aka bari a jiƙaƙƙen buhu, yana iya rasa da yawa ba tare da ɗanɗanonsa ya sauya ba. A ajiye shi a rufaffen mazubi, a busasshen wuri, nesa da murhu. Jami'an lafiya suna da ruwan gwaji: ɗigo ɗaya a kan gishiri, in ya koma shuɗi ko shunayya akwai aidin, in ya tsaya fari babu. Don sanin halin al'umma gaba ɗaya, fitsarin yaran makaranta ake aunawa.

Gishiri mai aidin rigakafi ne. Ƙaramin kumburi a wuyan yaro yana iya sacewa, amma tsohon maƙoƙo mai ƙulle-ƙulle da wuya ya koma, kuma ba kowane kumburin wuya ne rashin aidin ya jawo ba. Mai irin wannan, musamman in yana fama da faɗuwar gaba, ko yawan gumi, ko rama, ko shaƙewar murya, ya je asibiti a duba shi.