Injin biyu masu desibel 80, me ya sa mita ke nuna 83?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga nan ƙasar waje. Ku dubi mitar auna ƙara da ke hannuna. Idan na kunna injin guda, na tsaya nesa da shi da taku biyu, a ce ta nuna desibel 80. In na kunna na biyu irinsa sak, a tazara ɗaya, mutane da yawa za su ce 160. To, 83 za ku gani.

Dalili shi ne desibel ba ya ƙirga ƙarfin sauti ɗaya bayan ɗaya, ninki yake ƙirgawa. Duk ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin ya ninka sau goma. Wato desibel 80 sauti ne da ya ninka mafi ƙarancin abin da kunne ke iya ji sau miliyan 100. Wannan ƙarfin ake haɗawa, ba lambar da ke kan mita ba. Miliyan 100 da miliyan 100 sun zama miliyan 200, sai a mayar da shi desibel da maɓallin log na kalkuleta:

10 × log(200,000,000) = 83

Ko daga ina aka tashi, ninki biyu desibel 3 ne. Injin huɗu za su ba da 86, goma su ba da 90. Sai a wajen 90 ɗin nan ne kunne zai ji kamar ƙarar ta ninka, shi ya sa da aka kunna na biyu kuka ji ta ɗan ƙaru kawai.

Amma don Allah kada ku raina ukun nan. A ƙa'idar NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ma'aikaci zai iya yin awa 8 cikin desibel 85. In aka ƙara inji na biyu ta kai 88, lokacin ya koma awa 4. Kunne bai ji wani babban bambanci ba, alhali ƙarfin da ke dukansa ya ninka.

In kun gwada ba ku samu 3 ba, ku fara duba tazara, domin a fili, ninka nisa yana rage desibel 6. Idan inji ɗaya yana ba da 80 a inda kuke, ɗayan 70, jimillar 80.4 ce kacal. Ku kuma auna wurin kafin ku kunna komai: ya kamata hayaniyar wurin ta gaza ta injin da aƙalla desibel 10.

Idan kuwa mita ta haura da 6, to ba injuna masu zaman kansu ba ne. Hakan na faruwa da lasifika biyu da ke fitar da sauti ɗaya daga waya ɗaya, igiyoyin sautinsu na isowa tare. Ku juya wayar ɗaya daga ciki, ja ta koma gurbin baƙa, za ku ji ƙarar, musamman mai kauri, ta ragu maimakon ta ƙaru.