Hatimi ya hau kan adadi: 330 ne ko 380?

A ce ga takarda a gabanku. Takardar sauke kaya ce ta buhunan shinkafa masu kilo 50, an yi lodi a Ngaoundéré, za a sauke a Garoua, duka a Kamaru. Mai karɓar kaya ya buga hatimi mai tawada shuɗiya, kewayen hatimin ya faɗa daidai kan lambar tsakiya ta adadin buhuna. To 330 ne, ko 380? Buhu 50 ne tsakani, kuma a kan irin wannan ne direba da mai sito suke ɓatawa.

Kafin komai, kada a bi kan lambar da biro, kada a kankare, kada a shafa farin fenti. Da zarar an taɓa ta, takardar ta rasa ƙarfin shaida. A ɗauki hotonta yadda take.

Wurin ɗaukar hoton ne aka fi yin ɓarna. Idan aka sa sikana a kan baƙi da fari, ko aka yi fotokofi, na'urar za ta mayar da tawadar hatimi baƙa ƙirin kamar lambar da ke ƙarƙashinta, su haɗe su zama abu ɗaya, ba mai iya raba su kuma. Don haka a yi sikan mai launi, a 300 dpi, a ajiye shi a PNG ko TIFF. In da waya za a ɗauka, a shimfiɗa takardar a inuwa mai haske, a kashe filasha. Wajen turawa ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, domin in aka tura shi a matsayin hoto ana matse shi, launi ya bazu a gefen lambobi.

Me ya sa muka nace kan launi? Hoto a kwamfuta shimfiɗa uku ne: ja, kore da shuɗi. Baƙin rubutun firinta duhu ne a duka ukun. Tawada shuɗiya kuwa a shimfiɗar shuɗi tana yin haske, ta kusa sajewa da farar takarda. Saboda haka sai a ciro wannan shimfiɗa ita kaɗai. Da ImageMagick, manhajar sarrafa hoto, ga yadda ake yi, inda B ke nufin shuɗi:

```
magick takarda.png -channel B -separate shudi.png
```

Ku kalli lambar yanzu. Kewayen hatimin ya koma toka-toka mai rauni, amma gefen hagu na lambar yana nan baƙi, sama da ƙasa duk a rufe. Takwas ce. Da uku ce, gefen hagun zai buɗe tare da ɓacewar hatimin. In hatimin ja ne, a sa R a madadin B. In shunayya ne, a fara da B, a guji G, domin a shimfiɗar kore ya fi yin duhu.

Biro mai shuɗi mai duhu ba ya ɓacewa sarai, yakan bar inuwa. Ana iya ƙara haske kaɗan-kaɗan don a kore ta, amma da lura: in aka wuce gona da iri, siraran layukan lambar ma za su tafi, takwas ta gaskiya ta zama uku. Ga ma'auni mai sauƙi. Ku sa ido kan wata takwas a takardar wadda hatimi bai taɓa ba. Da ta fara yankewa, kun wuce wuri, ku koma baya.

Akwai inda dabarar ba ta aiki. Sa hannu da baƙin biro a kan baƙar lamba launinsu ɗaya, babu abin rabawa. Haka kwafi na biyu ko na uku na takarda mai kabon, inda lambar kanta shuɗiya ce: kana cire hatimi kana cire adadi tare da shi. A nan sai a nemi kwafin farko ko ragowar da ke cikin littafin mai lodi, wanda sau da yawa hatimin mai karɓa bai hau shi ba.

Ko hoto ya fito tsaf, a bi da lissafi. A layin nauyi an buga 19 000 kg. Raba da 50, ka sami 380. Da 330 ne, nauyin zai zama 16 500. A tuna takardun nan da tsarin Faransanci ake buga su: fili ne ke raba dubbai, waƙafi kuma na ɓangaren lamba ne. Ɗigon tawada ɗaya a wannan fili yana iya sa manhajar karanta rubutu ta ɗauki 19 000 a matsayin 19,000, wato kilo 19 kacal.

In hoto da lissafi sun yi daidai, a rubuta 380 a gefen takarda inda babu rubutu, da lamba da kuma kalmomi, a sa kwanan wata, direba da mai karɓa su sa hannu a nan. In sun saɓa, kada a shigar da adadin a littafin sito sai an ƙirga buhunan kuma an kira wanda ya yi lodi. Hoton asali mai hatimi shi za a ajiye a fayil, wanda aka cire wa launi a haɗa shi a bayansa da suna daban.