Hannu mai waya ko mara waya: ina lokacin yake ɓacewa?

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla. Abu uku zan taɓa yau a kan hannun gem: mai waya, mara waya, da lambar nan da ake bugawa a kwali, wai folin ret. Bari mu fara da ta ƙarshen, don ita ce ake ruɗar mutane da ita.

Idan ka danna maɓalli a hannun da ke haɗe da USB, ba shi ne yake kai wa na'ura labari ba. Na'urar ce take leƙowa tana tambaya, akwai sabo? Akwai sabo? Folin ret shi ne sau nawa take leƙowa a sakan ɗaya. In an ce 125 Hz, duk milisakan 8 kenan. In 250 ne, duk milisakan 4. In 1000 ne, duk milisakan 1. Milisakan kuwa, ku raba sakan gida dubu ku ɗauki ɗaya.

Amma ba milisakan 8 ɗin kake jira kullum ba. Kamar mai jiran mota ne a bakin titi: wani ya zo ta wuce yanzun nan, wani ya zo tana tsayawa. In aka haɗa aka raba, rabin tazarar ake jira. Saboda haka 125 yana cin milisakan 4 a matsakaici, 1000 kuma rabin milisakan. Duk bambancin uku da rabi ne. Sai ka ce, kai malam, a kan wannan ake ta hayaniya?

Ku saurara, nan ne wajen da nake so. Wasannin faɗa irin su Tekken da Street Fighter suna tafiya a firem 60 a sakan, wato hoto 60 suke nunawa a allo duk sakan, kowane firem milisakan 16.7. Mu ɗauka wasan yana karanta hannu sau ɗaya a kowane firem. Dannawarka ko ta riski karatun nan, ko ta makara ta jira na gaba, babu tsakiya. To, raba 4 da 16.7, ka sami kusan 24 cikin ɗari. Wato a 125 Hz, kusan ɗaya cikin dannawa huɗu tana faɗawa firem na gaba saboda jiran leƙen kawai. A 250 ya koma 12 cikin ɗari, a 1000 kuma 3. Kun gani? Jinkirin ƙarami ne, amma ba ya zuwa iri ɗaya. Jinkirin da bai canzawa yatsa yana sabawa da shi. Wanda yau ya zo gobe bai zo ba, shi ne yake yanke maka haɗin duka mai buƙatar firem ɗaya tak, ka yi ta rantsuwa ka danna. Ka danna ɗin, mun yarda. Na sake faɗa: rashin daidaito ne matsalar. Kuma daga 1000 zuwa sama, abin da ya rage a ceto bai wuce rabin milisakan ba, don haka kada lamba ta ci maka kuɗi.

Na biyu, ko na uku ne? Mara waya. Ba dole ne ya fi jinkiri ba. DualShock 4, hannun PS4, a kan kwamfuta 250 Hz yake yi ta waya, ta bulutut kuwa yana iya aika rahoto fiye da haka. Raunin mara waya cunkoso ne. Bulutut yana zaune a 2.4 GHz tare da wayifai, kuma ramin USB 3.0 ma yana yi masa hayaniya a wajen. In saƙo ya ɓace sai an sake aikawa, nan jinkiri yake tsalle. Kai kaɗai a ɗaki, lafiya lau. Gidan gem mai hannu ashirin da wayoyin salula a kowane aljihu, nemi hannu mai waya.

Sannan talabijin. In ba ka kunna Game Mode ba, tana iya cinye firem biyu ko fiye, ta shafe duk lissafin da muka yi. Lokaci ya tafi, na wuce.

Ee, kai mai jar hula. Yana tambaya, in ya soka waya a PS5, shi kenan? A'a, wataƙila caji kawai kake yi, saƙon yana bin iska. Shiga Settings, Accessories, Controller (General), Communication Method, ka zaɓi Use USB Cable. Kuma wayar ta zama mai ɗaukar bayanai, don akwai ta caji zalla. In kana son ka auna, ɗauki bidiyo mai firem 240 a sakan, yatsa da allo duk a ciki, ka ƙirga firem daga dannawa zuwa motsi, kowanne milisakan 4.2. Yi sau ashirin da waya, ashirin babu, ka duba mafi ƙanƙanta da mafi girma, ba matsakaici kaɗai ba. Wa ke da wata tambayar? An kusa kiran salla.